Giga Goma a Kwana Goma Sha Ɗaya: Yadda Hoton Fuskar Waya Ya Raba Mana Gardama a Gida

Na daɗe ina sayar da atamfa da leshi a Kumasi, iyalina kuma suna Kano. Duk wanda ke irin wannan zama ya san cewa waya ita ce ƙofar gidansa. Da ita nake jin lafiyar yara, da ita kuma uwargida take nuna wa matan unguwa kayan da na samo, wadda ta ga abin da ya yi mata ta ba da kuɗi. Saboda haka duk wata nake sa mata data giga 10 ta kwana 30, kuma ba na jin ciwon kuɗin.

Wani wata na sa mata ranar 22. Ranar 2 ga watan da ya biyo sai ta kira ni da kati, kiran da mu duka mun san tsadarsa daga Najeriya zuwa Gana. Ta ce, "Alhaji, data fa ta ƙare." Na ce, "Hajiya, wace datar? Yau kwana goma sha ɗaya fa." Ta ce ita ma abin ya ɗaure mata kai, ƙila kamfanin layin ne ke zuƙewa. Babban ɗana ya ce ƙanwarsa ce, ƙanwar ta ce yayanta ne. Ni kuma daga nesa zuciyata ta fara saƙa abin da bai kamata ba, har na gaya wa Hajiya maganar da daga baya sai da na ba ta haƙuri. A ranar kuma wata mata da ke haɗa lefen ɗanta ta jira bidiyon leshi ba ta gani ba, ta tafi Kantin Kwari ta saya.

Da na huce na tuna cewa waya tana rubuta lissafin kanta kamar yadda muke rubuta littafin bashi. Abin da nake buƙata kawai a buɗe min shafin. Na sa musu 'yar data ta kwana ɗaya, na ce wa yaron ya ɗauko min hoton fuskar wayar mahaifiyarsa. A yawancin wayoyin Android ana danne maɓallin kunnawa da na rage sauti tare, hoton ya ɗauku.

Kafin ka duba lamba, duba kwanan wata

Shafin data yana cikin Settings. A wasu wayoyin za ka shiga Network & internet, a na Samsung kuma Connections, sannan ka nemi Data usage. Hanyar tana bambanta daga waya zuwa waya, don haka abin da ya fi sauƙi shi ne ka rubuta Data usage a wurin bincike da ke saman Settings, ta kai ka da kanta.

Hoton farko da ya turo ya nuna 1.4 GB kacal. Nan take yaron ya ce, "Baba, ka gani ko? Kamfanin ne ɓarayi." Ni ma na kusa yarda, sai idona ya kai kan ɗan rubutun da ke saman lambar. Wayar tana ƙirga daga ranar 1 ga wata ne, mu kuma ranar 22 muka sayi data. Ke nan lissafin kwana biyu kawai muke kallo, na kwana tara yana cikin watan da ya wuce.

Wannan shi ne kuskuren da ya fi yawa, kuma maganinsa mai sauƙi ne. A shafin akwai wurin da ake zaɓar ranar da lissafi zai fara, wasu wayoyin suna kiransa Mobile data usage cycle, wasu Billing cycle. Na ce ya mayar da shi 22. Idan wayar mai layi biyu ce, a tabbata layin da aka sa wa data ake kallo, kuma shafin datar layi ne, ba na Wi-Fi ba.

Hoto na biyu ya nuna 9.6 GB. Giga goma muka saya, waya ta ce ta ga tara da ɗigo shida sun wuce ta cikinta. Ɗan bambancin da ya rage ba abin tayar da hankali ba ne, domin ƙirgen waya da na kamfani ba sa zuwa daidai cif, wayoyi da yawa ma suna rubuta haka a shafin. Da a ce waya ta nuna giga 4 alhali goma sun ƙare, a nan ne mutum zai ɗauki hoton ya tafi ofishin kamfani da hujja. Mu namu ɓarawon a cikin gida yake.

Jerin masu ci

A ƙasan jimillar waya tana jera manhajoji, mai ci da yawa a sama. Ga abin da na gani:

TikTok, 3.8 GB
Hotspot & tethering, 2.1 GB
WhatsApp, 1.9 GB
Google Play Store, 0.9 GB
Facebook, 0.5 GB
Sauran ƙanana gaba ɗaya, 0.4 GB

Na ɗauko biro na yi irin lissafin da muke yi a shago. Giga ɗaya kusan mega dubu ne. Giga 10 a raba kwana 30, rabon kowace rana kusan mega 330 ke nan. Su kuma sun ci 9.6 a kwana 11, wato kusan mega 870 a rana, ya haura ninki biyu da rabi. Sannan na lura cewa ukun farko kaɗai sun ɗauki 7.8. Wannan ya nuna min inda zan sa ƙarfina. Wanda ya tsaya goge ƙananan manhajoji masu cin mega biyar biyar, ya bar buhu a buɗe ne yana tsintar ƙwayar da ta zube.

Amma jerin bai isa a yanke hukunci ba. Idan ka taɓa sunan manhaja, waya za ta raba maka cin nata gida biyu. Foreground shi ne abin da ta ci lokacin da mutum ya buɗe ta yana kallo. Background shi ne abin da ta ci a bayan fage, waya tana aljihu ko tana kan caji. Bambancin yana da girma, domin na farko maganinsa magana da mutum, na biyu kuma maganinsa gyara saiti. Na sa yaron ya buɗe manyan ɗaya bayan ɗaya ya ɗauko hoto.

TikTok ta ci 3.7 a gaba, a baya kuwa ɗan kaɗan. Ke nan ba ita ta buɗe kanta ba, akwai mai kallo. Google Play Store kusan duk cin nata a bayan fage ne, wato tana sabunta manhajoji da datar layi ba tare da kowa ya sani ba. WhatsApp ta ci 0.8 a gaba, 1.1 a baya. Shi kuwa Hotspot & tethering ba manhaja ba ce, datar da aka raba wa wata na'ura ce, kuma shafin ba ya faɗin abin da waccan na'urar ta yi da ita.

Da na tambayi yaron sai ya yi shiru, can ya ce sau uku kawai ya jona kwamfutarsa don ya sauko da takardun makaranta. Na yarda da shi, domin takardu ba sa cin giga biyu. Kwamfuta idan ta ga Wi-Fi takan ɗauka ta samu ruwan rijiya ne, sai ta hau sauko da sabuntawarta. Ba ta san cewa ruwan jarka ne da aka saya ba.

Sai WhatsApp. A cikin Settings nata akwai Storage and data, a ciki kuma akwai Manage storage, inda take jera hirarraki gwargwadon nauyin abin da ke cikinsu. A sama akwai guruf ɗin bikin wata 'yar uwa, cike da bidiyon kamu da dina. Na biyu kuwa ni ne. Ni da ke faɗa, ni ne nake tsayawa a shago in ɗauki bidiyon minti uku uku ina juya atamfa, in tura biyar ko shida a rana, wayarta kuma tana sauko da kowanne da kanta. Da Hajiya ta ji haka sai ta ce, "To Alhaji, yanzu wa za a ba haƙuri?" Na ce ke.

Hoton batir yana da nasa karatun

Tun da an buɗe littafi, na ce a dubo batir ma, domin ta daɗe tana cewa caji ba ya kai mata la'asar, ga wuta ba kullum ba. Shafin yana Settings, sai Battery, sai Battery usage. Shi ma a fara duba lokacin da yake ƙirgawa. Wasu wayoyin suna ƙirga daga cikar caji na ƙarshe, wasu awa 24 da suka wuce. Hoton da aka ɗauka bayan an cire waya daga caji ba ya faɗin komai. Sai a bari ta yi aikin yini, a ɗauka da yamma kafin a sake jona ta.

Nata an ɗauka batir yana kan 40, wato kashi 60 ya tafi. TikTok tana da 24%, WhatsApp 18%, fuskar wayar kanta 16%, wata manhajar da ke cewa tana share datti da sanyaya waya 12%, neman sabis 9%, sauran suka raba ragowar.

A nan mutane ke ruɗewa. A wayarta, 24% ɗin ba kashi 24 na batir gaba ɗaya ba ne, kashi 24 ne na abin da ya ƙone. Kashi 24 na 60 kusan 14 ke nan. Wasu wayoyin kuma suna nuna kason batir ɗin kai tsaye. Yadda za ka gane, ka tara lambobin duka. Idan sun doshi 100, rabon abin da ya ƙone ne. Idan sun doshi abin da ya ragu a batir, kamar 60 a namu, to na kai tsaye ne.

Lambar da ta fi kaso amfani ita ce ta lokaci. A ƙarƙashin kowace manhaja akan rubuta tsawon lokacin da ta yi a fuska da wanda ta yi a bayan fage. TikTok ta yi awa ɗaya da minti goma a fuska. Ta ci da yawa, amma aiki aka sa ta, kamar lebura ne da ya yi dako ya karɓi haƙƙinsa. Ita kuwa mai share dattin minti ɗaya ta yi a fuska, awa shida a bayan fage, ta kwashe 12%. Wannan shi ne yaron shagon da ba ya ɗaga ko dila ɗaya amma kwanonsa ya fi na kowa. Duk inda ka ga ɗan lokaci a fuska da babban kaso, can za ka fara. Na ce a cire ta gaba ɗaya.

Neman sabis kuma ba laifin wata manhaja ba ne. Ɗakin Hajiya na can ƙurya, sanda ɗaya ko biyu ake samu, kuma waya tana ƙara ƙarfi ne idan tana laluben sabis. Mu matafiya mun san wannan a hanya: tsakanin gari da gari batir yana zuba ko ba ka taɓa wayar ba. Idan ka san za a daɗe a daji ba sabis, ka sa Airplane mode har a kusa gari.

Iyakar da muka sa

Ban yanke hukunci ni kaɗai ba, domin iyakar da aka ƙaƙaba daga nesa ranar za a cire ta. Bayan isha'i a Kano, mu a Kumasi muna baya da awa ɗaya, na kira su duka muka raba giga goman kamar kuɗin cefane. WhatsApp 3, tun da ita ce gida kuma ita ce shago. TikTok 3. Kwamfutar yaro 2. Sabunta manhajoji rabi, Facebook rabi, giga ɗaya kuma ajiya.

Giga 3 a kwana 30 mega 100 ne a rana. A da TikTok tana cin kusan mega 340 a rana, kallon kuma wajen awa ɗaya ne, don haka mega 100 bai wuce minti ashirin ba. Muka kunna Data Saver na cikin TikTok, wanda ke rage kyan hoto ya rage ci, sannan muka sa mata minti 30 a rana ta Digital Wellbeing & parental controls, inda ake sa wa manhaja App timer. Idan lokacin ya cika manhajar takan dushe, sai sha biyun dare ta dawo. A shafin ne ma muka ga cewa kallon ya rabu biyu: da hantsi Hajiya da masu koyar da girki, da dare kuma 'yar auta. Kowacce ta ɗauki minti goma sha biyar.

A WhatsApp, cikin Storage and data, akwai Media auto-download. A ƙarƙashin When using mobile data muka cire alamar Videos da Audio da Documents, muka bar Photos. Saƙon murya yana sauka da kansa duk da haka, don haka ba a rasa gaisuwa ba. Muka kunna Use less data for calls. Ni ma na ɗauki tawa iyakar: hotuna uku na kowace atamfa, bidiyo kuma sai mai saye ta nema, shi ma bai wuce daƙiƙa ashirin ba.

A Google Play Store, cikin Settings da Network preferences, muka mayar da Auto-update apps ya daina amfani da datar layi. Amma tun da ba Wi-Fi a gidan, na ce wa yaron sau ɗaya a wata ya sabunta WhatsApp da manhajar banki da hannunsa, domin barinsu su tsufa yana da nasa haɗarin. A kwamfutarsa ta Windows kuma ya shiga bayanan Wi-Fi ɗin wayar mahaifiyarsa ya kunna Metered connection, wanda ke gaya mata cewa datar a ƙirge take. Aka canza kalmar sirrin Hotspot ɗin, Hajiya kaɗai ta sani.

Na ƙarshe, a shafin data akwai Set data warning da Set data limit. Na farko gargaɗi kawai yake yi, na biyu yana kashe datar idan an kai. Muka sa gargaɗi a 8 GB, ba mu sa na kashewa ba, domin Hajiya za ta ga data ta ɗauke ne ta zaci ta ƙare. Kuma duk Juma'a a danna `*323#`, lambar duba ragowar data a layukan Najeriya, a gwada da abin da waya ta ce.

Inda muka yi tuntuɓe

Kwana biyu bayan haka na kira Hajiya ta WhatsApp sau huɗu ba ta ɗauka ba, saƙona kuma alama ɗaya. Hankalina ya tashi har na kira maƙwabci. Ashe yaron, don ya burge ni, ya bi manhajoji duka ya kashe musu Background data, har da WhatsApp, ya kuma sa batir ɗinta a Restricted. Idan aka yi haka, saƙo da kira suna iya makalewa har sai an buɗe manhajar. Alamar wannan matsalar ita ce mutum ya buɗe WhatsApp sai saƙonni su zubo gaba ɗaya kamar an kwance buhu. Muka mayar mata da Background data, batir kuma Optimized. Idan ka kunna Data Saver na wayar gaba ɗaya, ka ba WhatsApp izinin Unrestricted data. Ƙa'idata yanzu ita ce, duk manhajar da kake son ta kira ka ko ta sanar da kai shigar kuɗi, kada ka ɗaure ta a bayan fage. Masu nishaɗi ake ɗaurewa.

Akwai kuma abin da hoton ba zai gaya maka ba. Yana faɗin manhajar da ta ci, ba ya faɗin hannun da ke riƙe da wayar, don haka kada ka gina zargi a kansa. Ba ya faɗin lafiyar batir ɗin kansa. Idan ba manhajar da ta yi fice, amma waya tana mutuwa daga 30 ko 20, ko bayanta ya fara kumbura, batir ne ya gaji. Wanda ya kumbura a daina cajinsa a kai wa mai gyara. Sannan kafin a tura hoto, a duba samansa, kada saƙon banki ko lambar sirri su fito a ciki.

Watan da ya biyo data ta kai kwana 27. Ba ta kai 30 ba, kuma hoton ya nuna dalili: an yi suna a dangi, Hajiya ta sauko da bidiyoyin da hannunta. Wannan ban ce komai ba, domin kuɗin zumunci ne. Caji kuma yanzu yana kai mata magariba.

Duk ranar 21 ga wata yaron yana turo min hoto biyu, na data da na batir, kafin in sa sabuwa. Wancan watan sai ga saƙon Hajiya a biye: "Alhaji, mu ma a turo mana hoton taka wayar mu gani." Na buɗe shafin na duba, na ga abin da kallon dambe ya ci min. Har yau ban tura ba.